Daga Ledar Takardu Zuwa Shafi Ɗaya: Tsara Jinyar Dattijon da Ɓarin Jikinsa Ya Shanye

Ranar sallama daga asibiti rana ce ta murna da ruɗani a haɗe. Ana naɗe tabarma, ana tattara filas da kwanuka, wani ya tafi neman keken guragu, wani yana ciniki da mai mota a bakin ƙofa. A cikin wannan hayaniya ake miƙa wa iyali takardu, su kuma su cusa su cikin baƙar leda tare da ragowar magunguna. Sai an isa gida, an kwantar da majinyaci, masu sannu da zuwa sun watse, sannan wani zai buɗe ledar ya tambayi kansa: to yanzu me za a yi masa, ƙarfe nawa, kuma wa zai yi?

A ɗauki misalin wani dattijo ɗan shekara 74 a cikin birnin Kano, irin labarin da duk wanda ya taɓa zaman jinya zai gane. Ya faɗi da asuba yana shirin alwala, aka kwantar da shi ranar 3 ga wata, aka sallame shi ranar 19. Ɓarinsa na hagu ya shanye. Babbar 'yarsa, malamar makarantar firamare, ita ta zazzage ledar a kan tabarma da daddare. Ta sami takardar sallama mai rubutun likita, da katin magani guda biyu, da shafuka uku na likitan gashi masu zanen mutum-mutumi, da wata 'yar takarda da mai duba haɗiya ya rubuta, da hotunan bayanan nas-nas da ƙaninta ya ɗauka a waya da izinin shugabar ɗakin, da bayan wani ambulan inda ita kanta ta riƙa rubuta abin da aka faɗa mata da baki. Guda goma sha huɗu ta ƙirga. Kowace takarda gaskiya ta faɗa a ranar da aka rubuta ta, amma babu ɗaya da ta gaya mata abin da za ta yi gobe da ƙarfe bakwai na safe.

Dalilin wannan a fili yake. Ma'aikatan asibiti juna suke rubuta wa, ba iyali ba. Nas tana rubuta abin da ya faru a lokacin aikinta don wadda za ta karɓe ta, likitan gashi yana rubuta ƙarfin gaɓoɓi don ya gwada da na mako mai zuwa, likita yana rubuta cuta da magani. Kowa da nasa ɓangaren, kowa da gajerun kalmominsa na Turanci da Latin. Aikin tsara jinya shi ne a kwance waɗannan bayanai daga jerin wanda ya rubuta su, a sake ɗaure su bisa jerin abin da jikin majinyaci yake buƙata daga safe zuwa dare.

Abu na farko da malamar ta yi, bisa shawarar wata nas maƙwabciyarsu da ta yi ritaya, shi ne ta ɗauki jan biro ta rubuta abu biyu a saman kowace takarda: ranar da aka rubuta ta, da aikin wanda ya rubuta. Sannan ta jera su daga ta farko zuwa ta ƙarshe. Biyu ba su da kwanan wata ko kaɗan, sai ta ware su gefe ta ɗora musu kofi. Wannan ƙaramin aiki kaɗai ya kashe rabin ruɗanin. Takardar da ta fi tayar mata da hankali, wadda aka rubuta "NPO" da manyan baƙaƙe, wato kada a ba shi komai ta baki, ashe ta ranar 4 ga wata ce, lokacin da ake ciyar da shi ta robar hanci. An cire robar tun ranar 12. Haka umarnin da ya ce kada ya sauka daga gado, na kwanakin farko ne, likitan gashi ya daɗe da wuce wurin.

Ta ci karo kuma da abin da ya yi kama da kuskure. Takardar likita ta ce "Rt", wato dama, ta likitan gashi ta ce "Lt", wato hagu. Har ta fara faɗa, tana cewa ko ɓarin da ya shanye ma ba su daidaita a kai ba. Nas ɗin ta yi murmushi ta ce, "Kwantar da hankalinki, 'yata, duka biyun daidai ne." Likita yana maganar inda jini ya toshe a ƙwaƙwalwa, likitan gashi yana maganar inda abin ya bayyana a jiki, kuma jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa suna tsallakawa ne, ɓangaren dama yana tafiyar da hagun jiki. A shafin jinya ba a barin wannan ya rikita kowa. Ana rubuta ɓarin jiki kawai, da manyan baƙaƙe: ɓarin da ya shanye, HAGU.

Akwai wani layi a takardar sallama da bai kamata ya ɓace ba, shi ne wanda ya faɗi irin cutar. Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce: ko jijiya ta toshe, ko ta fashe jini ya zuba a ƙwaƙwalwa, kuma hoton ƙwaƙwalwa ne yake rarrabewa. Babban binciken SIREN da aka yi a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga sakamakonsa a 2018, ya sami kusan kashi ɗaya cikin uku na majinyatansa masu zubar jini ne, ya kuma nuna hawan jini ne kan gaba nesa ba kusa ba a cikin abubuwan da ke jawo cutar. Amfanin sanin wannan ga mai jinya shi ne, asfirin da ake ba mai toshewar jijiya don tsinka jini na iya yi wa mai zubar jini illa. Maƙwabci zai zo ya ce shi ma babansa asfirin aka ba shi. Idan shafin ya faɗi irin cutar a layinsa na biyu, magana ta ƙare. Na dattijon nan toshewa ce, kuma an rubuta masa asfirin miligiram 75 sau ɗaya a rana.

Mataki na biyu shi ne wanda ya fi buƙatar natsuwa, kuma a nan akasarin iyalai suke tuntuɓe. Jimlolin da ke cikin bayanan asibiti ba iri ɗaya ba ne. Akwai umarni, akwai labarin abin da aka gani, akwai buri. "A juya shi duk bayan awa biyu" umarni ne. "Ya sha shayi da daddare bai yi tari ba" labari ne. "A inganta tafiyarsa" buri ne. Umarni ne kawai yake shiga shafin jinya kai tsaye. Labari yana taimakawa a fahimci inda ake, amma ba ya soke umarni, ko da ya fi shi sabunta. Buri kuwa sai an mayar da shi abin da za a iya aunawa.

Maganar shayin nan ta kusa jawo matsala. Mai duba haɗiya ya rubuta ranar 12 cewa abinci ya zama mataki na 4, abin sha mataki na 3. Nas ɗin dare ta rubuta ranar 16 cewa ya sha shayi lafiya. Ƙanin malamar ya ce ai ta 16 ta fi sabunta, don haka Baba ya warke daga matsalar haɗiya, a ba shi ruwansa ya sha. Amma nas ɗin ba gwaji ta yi ba, abin da ta gani ta rubuta, wataƙila ma wani ɗan dubiya ne ya ba shi shayin. Kuma rashin tari ba hujja ba ne. Kusan rabin waɗanda wannan cuta ta kama suna samun matsalar haɗiya a kwanakin farko, wasu daga cikinsu ruwa yana zarcewa hanyar numfashi ba tare da sun sarƙe ko sun yi tari ba, domin jijiyoyin da ke sa mutum ya ji ƙwarewa su ma sun taɓu. Sai bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya taso, numfashi ya yi sama-sama, a koma asibiti da ciwon huhu. Wannan ciwo yana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu shanyewar ɓarin jiki bayan sun tsallake makon farko. Saboda haka umarnin ranar 12 ya zauna daram, maganar shayi kuma ta koma cikin jerin tambayoyin da za a kai asibiti.

To mene ne mataki na 4 a ɗakin girkin Bahaushiya? Lambobin sun fito ne daga wani ma'auni na duniya mai suna IDDSI, wanda ya jera kaurin abinci da abin sha daga 0 zuwa 7. Sifili shi ne tsinkakken ruwa kamar ruwan sha da shayi, 7 kuwa abincin kowa. Mataki na 4 shi ne abin da aka niƙa ya yi sumul babu gudaji, yana zama a cokali da siffarsa, idan an karkata cokalin sai ya zame ya faɗi gaba ɗaya ba tare da ya manne ba. Mataki na 3 ya fi shi ruwa, ana iya sha a kofi ko da cokali, amma a hankali yake zuba. Rubuta "mataki na 4" a bango ba zai amfani kowa ba. Abin da malamar ta rubuta shi ne: faten dankali ko na kabewa da aka niƙa aka tace, wake da aka cire ɓawo aka dafa ya narke aka niƙa, ayaba da aka murje sosai, kunu mai kauri. Ta kuma rubuta abin da aka hana da sunansa: ruwa zalla, shayi, lemon kwalba, romo, shinkafa, burodi, nama, da fura da nono mai gudaji. Furar ta ba mutanen gidan mamaki, tunda abincin marar lafiya ce tun kaka da kakanni, amma abu mai ruwa da gudaji a haɗe yana cikin mafi wuyar haɗiya, ruwan yana gudu ya riga gudajin isa maƙogwaro.

Sai maganar da ba ta cikin kowace takardar asibiti, amma tana cikin kusan kowane gida: ruwan zamzam da rubutun sha da 'yan uwa ke kawowa da zuciya ɗaya. Su ma tsinkakken ruwa ne. Ba sai an yi gardama da kowa ba, ana iya shafa masa a jiki, ko a zuba kaɗan a cikin kunu mai kauri a gauraya. Abin da ake gudu shi ne a tallabe kan dattijo yana kwance a ɗura masa. Shafin ya faɗi yadda ake ciyarwa a jimla uku: a zaunar da shi tsaye sosai, a ba shi da ƙaramin cokali ana jira ya haɗiye kafin na gaba, a bar shi a zaune rabin awa bayan ya gama, sannan a duba cikin kuncinsa na hagu, inda abinci kan maƙale bai sani ba, a wanke masa baki.

Magunguna sun zo da tasu rigimar. Katin farko ya ce amlodifin miligiram 5, katin sallama ya ce 10. Wannan mai sauƙi ne, an ƙara masa ne, na sallama ake bi. Wanda ya fi haɗari yana cikin durowar gefen gado: tsohon kwalin maganin hawan jini da Baba yake sha kafin ya kwanta, mai wani sunan kamfani daban. Matarsa ta ɗauka wani magani ne na dabam, tana shirin ci gaba da ba shi tare da sabon. Da aka karanta ƙananan baƙaƙen da ke ƙasan sunan, sai ga shi amlodifin ne shi ma. Da an haɗa, da ya riƙa shan fiye da abin da aka rubuta, jini ya sauka, jiri ya ɗebe shi ranar da aka tayar da shi tsaye. A durowar kuma akwai diklofenak da yake saya a kemis saboda gwiwa, wanda yake iya ɗaga hawan jini, kuma idan ya haɗu da asfirin yana ƙara haɗarin zubar jini a ciki. Duk abin da ke durowar aka zuba a leda ɗaya aka kai wa mai harhaɗa magani ya duba.

A shafin, kowane magani ya sami layi ɗaya: sunansa na asali, ƙarfinsa, ƙwaya nawa, ƙarfe nawa, da abin da yake yi. Gajerun kalmomin likita duk an fassara su. "bd" sau biyu a rana, "tds" sau uku, "nocte" da dare. Sau biyu a rana ma bai isa ba, domin wani zai ba shi da safe da azahar ya ce ya cika. Ana sa lokaci, 8 na safe da 8 na dare, kuma a gidan da salla ce agogo babu laifi a ƙara "bayan isha'i" a gefe, muddin lambar tana nan. An ƙara tambaya ɗaya a jerin: waɗanne ƙwayoyi ne za a iya dakawa a sa a kunu? Ba duka ake dakawa ba. Akwai waɗanda aka yi su don su riƙa narkewa a hankali cikin yini, kamar wani nau'in nifedifin, idan an daka su ƙarfin yini guda yana shiga jiki lokaci ɗaya.

Shafukan likitan gashi su ne suka fi tsari, amma su ne suka fi wuyar karantawa. An rubuta hannun hagu 1/5, ƙafar hagu 3/5. Ma'auni ne na ƙarfin tsoka daga 0 zuwa 5. Sifili babu motsi sam, 1 ana ganin tsoka tana ɗan motsawa amma gaɓar ba ta gusawa, 3 yana iya ɗaga gaɓar da kansa amma ba ta jure a danna ta, 5 cikakken ƙarfi. Fassarar wannan ga mutanen gida ita ce: ƙafar tana iya taimakawa wajen tashi, hannun kuwa ba ya iya kare kansa. Hannun da tsokarsa ta saki, nauyinsa kawai yana iya janyo ƙashin kafaɗa ya zame daga gurbinsa, balle a kama shi a ja. Kuma haka mutane ke tayar da tsoho, su kama hannu su ce "Bismillah, Baba, tashi." Saboda haka aka rubuta layi guda da jan biro, aka ja masa layi a ƙasa: kada kowa ya ja hannun hagu ko ya tallabe shi ta hammata. Idan yana zaune, hannun yana kan matashi. Idan za a tayar da shi, mutum biyu, ana riƙe ƙugu da baya, ana tokare gwiwar hagu.

Ita kanta kalmar gashi tana buƙatar layinta. A bakin Bahaushe gashi yana tafiya da zafi, ruwan zafi da tsumma ko garwashi a kasko. Iyali da yawa idan sun ji "a ci gaba da gashi a gida" abin da suke fahimta ke nan. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, mutum zai ƙone bai ce uffan ba. Abin da likitan yake nufi motsa gaɓoɓi ne. Malamar ta kwafi zanen nasa a babbar takarda, ta rubuta a ƙasan kowanne sau nawa za a yi kamar yadda ya ƙayyade, sau goma safe da yamma, a hankali, a tsaya inda ciwo ya fara, kuma kafaɗar kada a ɗaga ta sama da inda ya nuna musu da hannunsa. Burin nan na "a inganta tafiya" ya koma abin da za a iya gani: nan da mako biyu ya zauna a bakin gado minti goma, ƙafafu a ƙasa, babu mai riƙe shi. Wanda ya cika wannan an san ya ci gaba, wanda bai cika ba an san abin da za a gaya wa likita. Watanni uku zuwa shida na farko su ne lokacin da jiki ya fi saurin dawo da abin da zai dawo da shi, shi ya sa ba a barin makonni su wuce a kan buri marar awo.

Wani bayani guda na likitan gashin ya kusa wucewa ba a kula ba, cewa Baba ba ya lura da hagunsa. Matarsa ta ga yana cinye rabin kwano ya bar rabi, ta ɗauka rashin cin abinci ne. Ba haka ba ne. Idan abin ya taɓa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa, mutum na iya mantawa da duk abin da ke hagunsa, har da hannunsa, alhali idonsa lafiya. Sai aka rubuta: a juya masa kwano idan ya cinye rabi, a riƙa yi masa magana ta hagu don ya saba juyowa, a duba inda hannun hagu yake kafin a tura keke, kada yatsu su shiga taya.

Bayan an gama da abin da takardun suka faɗa, saura abin da ba su faɗa ba, kuma gano shi ya fi wuya, tunda babu rubutun da zai ja hankali. Dabarar ita ce a bi jikin majinyaci daga kai zuwa ƙafa ana tambaya ko kowane wuri yana da layinsa. A nan malamar ta gano giɓi biyu. An sa masa robar fitsari ranar 3, ya dawo gida da ita, babu inda aka rubuta ranar canzawa ko ranar gwada cirewa, alhali kowace rana da ta ƙara a jiki haɗarin ciwon sanyin mafitsara ƙaruwa yake. Na biyu, wata nas ta rubuta ranar 14 cewa fatar ƙugunsa ta baya ta canza launi, daga nan babu wanda ya sake ambata. Ko ta warke, ko an manta.

Suka juya shi suka haska da fitilar waya. Littattafai suna cewa a nemi wurin da ya yi ja, amma a baƙar fata ja ba ya cika fitowa. Abin da ake nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko ya yi shuɗi-shuɗi, ko ya fi ɗumi, ko ya yi tauri ko taushi fiye da gefensa idan an taɓa da yatsa. Sun sami irin wannan wuri, faɗinsa kamar murfin kwalba, fata ba ta fashe ba. Farkon gyambon kwanciya ke nan, kuma a wannan mataki ɗauke nauyi daga wurin yana iya isa. Ba a murza shi, ba a shafa masa man zafi. Ana kwantar da mutum a ɗan karkace da matashi a bayansa, wani matashin a tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sharaɓa don duga-dugai su rataya ba su taɓa katifa ba. Aka auna wurin, aka ɗauki hotonsa, aka rubuta rana.

Juyi duk bayan awa biyu kuwa yana da sauƙin rubutawa da wuyar cikawa, musamman tsakanin sha biyun dare da asuba. Layin da bai ambaci sunan mai yi ba, kowa zai ɗauka ɗan uwansa ya yi. Don haka aka raba: uwargida daga safe zuwa azahar, malamar daga dawowarta makaranta zuwa goman dare, ƙaninta da wani jika su yi dare suna karɓa-karɓa, su ne kuma masu kai shi ban ɗaki da taimaka masa da tsarki, tunda hannun da ya saba yi da shi ne ya shanye, kuma dattijo ya fi sakewa da 'ya'yansa maza a wannan. Idan gida ba zai iya juyin dare ba, gara a faɗa wa nas gaskiya. Tana iya duba katifa da fata ta ga ko za a ɗan tsawaita tazarar, amma ita ce mai yankewa.

Kashegari malamar ta koma asibiti da tambayoyi biyar a takarda ɗaya: shayin, robar fitsari, dakan ƙwayoyi, maganin gwiwa, da lambar hawan jinin da za ta sa a dawo da shi. Ta tarar da nas ɗin ɗakin tana tsakiyar aiki, ta ce, "Sista, don Allah minti biyu, a rubuce suke." Wanda ya zo da tambaya a rubuce yakan sami amsa ko a tsaye ne. Duk amsar da aka ba ta, ta rubuta aikin wanda ya faɗa da ranar a gefenta. Babu saɓani ko ɗaya da ta warware da ra'ayinta, kuma wannan ita ce iyakar aikin mai tsarawa: yana jera, yana fassara, yana gano giɓi, amma ba ya ƙara magani, ba ya sassauta umarni.

Abin da ya fito a ƙarshe shafi ɗaya ne gaba da baya, da Hausa, da rubutu manya-manya da za a iya karantawa da fitilar waya. A sama akwai ranar da aka rubuta shi, irin cutar, da ɓarin da ya shanye. A ƙarƙashinsu, cikin akwatin jan biro, hani uku: ba a ba shi tsinkakken ruwa, ba a jan hannun hagu, ba a gashi da zafi. An sa su a sama ne saboda mai dubiya ba zai karanta fiye da layi biyar ba. Daga nan sai jadawalin yini da ƙarfe-ƙarfe, kowane layi da abin yi da mai yi, misali "8:00 na safe, amlodifin 10 ƙwaya ɗaya, asfirin 75 ƙwaya ɗaya, Hajiya." A baya akwai jerin abinci, zanen motsa jiki, burin mako biyu, da ranakun komawa asibiti. A can ƙasa, alamomin da ba a jiran gari ya waye a kansu: baki ya ƙara karkacewa ko magana ta sake rikicewa ko wani sabon rauni, zazzaɓi da saurin numfashi, muryar da ta koma kamar mai kurkurar ruwa bayan cin abinci, barcin da ba a iya tayar da shi, sharaɓa ɗaya ta kumbura, fitsari ya tsaya, da lambar hawan jinin da likita ya rubuta da hannunsa. Likitoci kan so mai irin wannan cuta ya zauna ƙasa da 130/80 a tsawon lokaci, amma lambar gaggawa ta kowane majinyaci likitansa ne yake faɗa. Kusa da shafin aka rataye littafin makaranta mai layi, inda ake sa alama bayan kowane magani da kowane juyi, da awon jini na safe, da ranar da ya yi bayan gida, da launin fitsari, domin mai shan abu mai kauri kaɗai yana saurin rasa ruwa a jiki.

Shafin ma yana tsufa kamar takardun da aka haɗa shi daga cikinsu. Bayan mako biyu aka koma asibiti, mai duba haɗiya ya sake gwaji ya sauko da abin sha zuwa mataki na 2, aka cire robar fitsari, likitan gashi ya ce mutum ɗaya ya isa wajen tayarwa. Malamar ba ta goge ta gyara a kan tsohon ba. Ta sauke shi daga bango, ta ja masa layi daga kusurwa zuwa kusurwa, ta sa shi a leda tare da takardu goma sha huɗun nan, ta rubuta sabo da sabon kwanan wata, ta ɗauki hotonsa ta aika wa 'yan uwa tana gaya musu su goge na farko daga wayoyinsu. Wurin nan mai duhu a ƙugu ya washe. A layin buri ta rubuta abin da Baba ya nema da bakinsa, likitan gashi kuma ya amince: nan da ƙarshen wata ya yi sallar la'asar a zaune a kan kujera, a tsakar gida, ba a kan gado ba.